Ranar da lissafi ya kai ni kilomita 30 ya baro

Na gama tseren kilomita 10 a minti 50 cif, kuma tun kafin gumi ya bushe na fara ganin kaina a matsayin ɗan gudun fanfalaki. Da dare na zaro waya na nemo dabarar Peter Riegel, injiniyan nan da ya fitar da ita a 1977:

```
T2 = T1 × (D2/D1)^1.06
```

T1 lokacin da ka yi ne a nisan da ka riga ka gudu, wato D1, T2 kuma wanda ake sa ran za ka yi a sabon nisan, wato D2. Na zuba minti 50 da kilomita 42.195, sai ta ba ni awa 3 da minti 50, wato minti 5 da daƙiƙa 27 a kowace kilomita. Na rubuta adadin a takarda na manna a madubi, na kuma sanar da duk wanda tsautsayi ya sa ya gaishe ni.

Akwai wani dattijo a cikin abokan atisayenmu, shi ne ya tambaye ni ko na taɓa yin rabin fanfalaki. Na ce ƙwarai kuwa, Baba, awa 1 da minti 55, kwanan nan ma.

"To ɗana, sa mintinka 50 ɗin nan ka tambayi dabarar me za ka yi a rabin."

Ta ce awa 1 da minti 50. Ya ce, "Ka gani? A kilomita 21 kawai tana binka bashin minti biyar. Wa zai biya na 42?"

Ya yi mini bayani a tsanake. Adadin nan 1.06 shi ne ma'aunin yadda gudu ke raguwa idan nisa ya ƙaru, kuma ya fi dacewa da wanda ƙafarsa ta sha dogon gudu mako bayan mako. Mai tsere biyu na kwanan nan yana iya fitar da nasa ma'aunin. Nawa ya kai kusan 1.12, wanda idan aka ɗora shi a kan awa 1 da minti 55 yake ba da kamar awa 4 da minti 9 ko 10, wato kusan minti 5 da daƙiƙa 55 a kilomita. Ya ƙara da cewa wani bincike na Vickers da Vertosick a 2016 ya gano dabarar Riegel tana yi wa rabin masu gudun sha'awa alkawarin lokacin da ya fi ƙarfinsu da aƙalla minti 10. Na yi godiya, a raina kuwa na ce ai ni ina ɗaya rabin.

Ranar tsere na riƙe 5:27 ɗina kamar gadon mahaifi. Ƙafa babu nauyi, numfashi lafiya, har ina ɗaga wa 'yan kallo hannu, mutanen da ba su san ni ba. A tsakiyar hanya agogo ya nuna 1:55. Murna ta kama ni, na ce yau na kamo lokacina mafi kyau na rabin fanfalaki! Sai da na ƙara taku kaɗan sannan maganar ta sauka a kaina: a wancan tseren, daidai wannan wurin na zube ina neman ruwa. Gudun da na ƙare da shi ƙarfina kaf a kilomita 21 shi na zaɓa in yi sau biyu a jere.

Alamar farko ita ce agogo ya fara nuna 5:40 alhali ina ji kamar na ƙara wuta. Wajen kilomita 30 kuma makamashin da tsoka ke ajiyewa ya yi ƙasa, wanda saurin farko ke ƙonewa da wuri, cinyoyina suka shiga yajin aiki. Mai riƙe da tutar awa 4, wato jagoran masu son gamawa a awa 4, ya wuce ni da jama'arsa suna hira. Hira fa! Can sai ga tutar 4:15, Baba na tsakiyarsu yana taku ɗai-ɗai.

"Sannu ɗana, ya mai lissafin?"

Na buɗe baki, iska ce kawai ta fito.

Daga kilomita 35 na koma ciniki da turakun fitilar hanya: in gudu zuwa wancan, in taka zuwa na gaba. Na shiga a awa 4 da minti 31, mai tutar 4:30 har ya fara naɗe tutarsa. Wata mai raba lambobin yabo ta rataya mini nawa, ta dube ni sama da ƙasa, ta juya ta kira masu agajin gaggawa ba tare da ta tambaye ni ba.