PDF ɗin da ke cikin kwamfutarka bai san an janye maƙalar ba

Maganar maƙalar nan da editan wata mujalla ya dawo da ita cikin makon nan saboda ta kafa hujja da maƙalun da aka janye, wadda ake ta yawo da wasiƙarta a zaurukan malamai a nan Sakkwato, ni ban ga laifin edita ba ko kaɗan. Manazarta fiye da ɗari, biyu daga ciki an daɗe da janye su, ɗaya kuma a kanta aka ɗora jimlar farko ta gabatarwa. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne uzurin da ake bayarwa, wai ai marubutan sun karanta maƙalun da idonsu, ga kwafinsu ma a kwamfuta, babu inda aka rubuta an janye. To dama ina za a rubuta? Kwafin da ka sauke shekara huɗu da suka wuce yana nan yadda ka sauke shi. Tamkar maganin da hukumar NAFDAC ta janye daga kasuwa ne alhali kwalbarsa na cikin durowarka, takardar jikinsa ba za ta canza ba don an yi sanarwa a Abuja. Matsayin maƙala a shafin mujalla ake duba shi da rumbunan bayanai, kuma a makon da za a tura aiki, ba a ranar da aka fara haɗa manazarta ba.

Kada wani ya ce mini babbar mujalla ce don haka babu tsoro. Maƙalar Andrew Wakefield da ta alaƙanta allurar rigakafin yara ta MMR da galahanga a The Lancet ta fito a 1998, ba a janye ta gaba ɗaya ba sai a watan Fabrairun 2010, shekara goma sha biyu tana zaune kamar ta gaskiya. Ita ma wadda aka gina kan bayanan kamfanin Surgisphere game da hydroxychloroquine a The Lancet ɗin ta fito ranar 22 ga Mayun 2020, aka janye ta ranar 4 ga Yuni. Wanda ya sauke ta cikin waɗannan kwanakin, a lokacin da kowa ke rububin rubutu kan korona, har yau kwafinsa fes yake. A shekarar 2023 kaɗai an janye maƙalu sama da 10,000 a duniya, mafi yawansu daga mujallun kamfanin Hindawi, kuma kowa ya san yadda ɗalibanmu ke yawan ɗibar manazarta daga can saboda kyauta ake buɗe su. Masu cewa ai an wuce da aikin ta Turnitin, wannan kwafe yake nema, ba ruwansa da janyewa. Masu cewa aikin masu bita ne, su je su karanta ƙa'idojin ICMJE, kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya, da yawancin mujallun likitanci ke bi: a wuyan marubuci aka ɗora tabbatar da cewa babu maƙalar da aka janye a cikin manazartansa, sai dai idan maganar janyewar yake yi.

Aikin kuma ba mai yawa ba ne. A ce jerin naka manazarta 140 ne, an buga su da hannu a Word, kamar yadda akasarin kundayen digiri suke a wurinmu. Abu na farko shi ne samo wa kowace lambar DOI, domin na'ura da lamba take gane maƙala, ba da take ba. Crossref, ƙungiyar da ke rajistar lambobin DOI, na da shafi na kyauta mai suna Simple Text Query. Ka kwafe jerin ka liƙa a can, kowace a layinta, zai dawo maka da shi da DOI a ƙarƙashin duk wadda ya gano. Kada ka karɓa ido rufe. Idan an yi kuskure a shekara ko lambar shafi yakan kasa ganowa, wani lokacin kuma ya ba ka lambar wata maƙalar mai kama da taka. Daga nan ka buɗe Zotero, manhajar tattara manazarta, ka danna alamar nan mai kama da sandar tsafi, Add Item by Identifier, ka zuba lambobin. Tun 2019 Zotero ke haɗe da rumbun Retraction Watch mai jera maƙalun da aka janye, wanda Crossref ta karɓa ta buɗe wa kowa a watan Satumbar 2023. Duk maƙalar da ke cikin rumbun za ka ga jar alama a gefenta, da jan gargaɗi a samanta mai bayanin dalili, kuma za a tattara maka su a wuri ɗaya mai suna Retracted Items. Idan kana son ka tabbatar naka na aiki, gwada shi da lambar maƙalar Wakefield:

```
10.1016/S0140-6736(97)11096-0
```

In ba ka ga ja ba bayan ɗan lokaci, duba datarka, domin sai da intanet yake sabunta jerinsa.

A nan ne mutane ke tsayawa, kuma a nan ne nake son a saurare ni da kyau. Rashin jar alama ba wanke maƙala ba ne. A ce cikin 140 ɗin nan 115 ne suka sami DOI. Sauran 25, wato kundayen digiri, takardun taro, rahotanni da maƙalun ƙananan mujallu, Zotero bai duba su ba sam, don ba shi da DOI ko PMID, wato lambar rumbun PubMed, da zai kama. Shirunsa a kansu ba shaida ba ce. Waɗannan da hannu ake bin su: ka nemi taken a rumbun Retraction Watch, ka je shafin mujallar ka duba fitowar da suka biyo baya ko an sa sanarwa.

Sannan ga gyara, wanda ya fi janyewa ɓoyewa. Maƙalar da aka yi wa gyara ba a janye take ba, don haka ba za ta yi ja ba. Sanarwar gyaran takarda ce dabam mai DOI nata, a wata fitowar, wani lokaci bayan shekara. Mafi yawan gyare-gyare ba su da wani nauyi, harafin sunan marubuci ne ko adireshin sashe. Amma wasu a tebur suke. A ce an buga 25 mg/kg alhali 2.5 ake nufi, ko an musanya ginshiƙai biyu, ko yawan waɗanda suka kamu da cuta da ka ɗauka ka lissafa girman samfurinka da shi an sauya shi. Ka ga kuskuren ya bar manazarta ya shiga cikin hanyar bincikenka. Ga masu fannin lafiya da dabbobi, PubMed na sauƙaƙa wannan. Ka zuba lambobin PMID na maƙalunka a akwatin nema da tazara a tsakaninsu, ka nema, sannan ka shiga Advanced ka ga lambar da aka ba neman a tarihi. In ta ɗaya ce, ka rubuta:

```
#1 AND (hasretractionin OR haserratumin OR hasexpressionofconcernin)
```

Abin da ya fito su ne waɗanda aka janye, da waɗanda aka gyara, da waɗanda edita ya nuna damuwa a kansu yana kan bincike. Ga sauran fannoni, ka buɗe DOI ɗin ya kai ka shafin mujalla, ka danna tambarin Crossmark mai rubutun Check for updates idan akwai shi. Ban ce ka yi wa duka 140 haka ba. Ka bi rubutunka ka ja layi a kan duk jimlar da ke ɗauke da adadi, ko sashi na magani, ko hanyar gwaji da ka aro. Ba kasafai suke wuce ashirin zuwa talatin ba, kuma su ne idan suka rushe aikin ya rushe.

To ka gano, sai me? Gogewa daga jeri ka bar jimlar a tsaye ba gyara ba ne, ɓoyewa ne. Dole ka karanta sanarwar. Binciken PREDIMED na ƙasar Sifaniya kan abincin yankin Bahar Rum da ciwon zuciya misali ne mai kyau. Ya fito a New England Journal of Medicine a 2013 da mahalarta 7,447. Daga baya aka gano ba kowa aka raba ta hanyar ƙuri'a yadda ya kamata ba: an sa mutanen gida ɗaya a rukuni ɗaya, a wata cibiya ma an ba marasa lafiyar asibiti guda abinci iri ɗaya. A watan Yunin 2018 aka janye ta 2013, aka buga sabuwa da sabon lissafi. Sakamakon bai yi nisa da na farko ba, ragin haɗari na kusan kashi 30 cikin ɗari, amma an sassauta lafazin da ke cewa abincin ne ya jawo ragin. Wanda ya ambaci ta 2013 a yau, abin da zai yi shi ne ya maye gurbinta da ta 2018, ya sake ɗauko alƙaluman daga sabon tebur, ya kuma sassauta tasa jimlar. Ita kuwa ta Surgisphere babu magajiya, bayanan ne aka kasa tantancewa, don haka jimlar da ke kanta ko dai ka samo mata wata hujja mai zaman kanta ko ta fita. Idan kuma tarihin abin kake bayarwa, ka ambace ta, amma ka faɗa a cikin jimlar cewa an janye ta, ka sa sanarwar janyewar a manazarta.

Akwai wanda ba na'urar da za ta kama maka: maƙalar bita mai tsabta wadda ta haɗiye wadda aka janye a cikinta. An ga haka da gwajin maganin ivermectin a kan korona, lokacin da aka cire binciken Elgazzar daga Research Square a watan Yulin 2021 bayan ya riga ya shiga lissafin wasu nazarce-nazarcen da suka tattara gwaje-gwaje. Idan hujjarka na kan irin wannan nazari, buɗe teburin binciken da aka haɗa, ka duba biyu ko uku mafiya nauyi da kanka.

Malamaina masu duba ayyukan ɗalibai, Allah ya ƙara muku daraja, roƙona ɗaya ne: kafin ku sa hannu, ku nemi ɗalibi ya nuna muku ranar da ya yi wannan dubawa. Idan maƙala ta yi wata shida wurin masu bita ta dawo, a sake, domin janyewa ba ta jiran kowa.

Sai kuma namu mujallun na gida, wanda shi ne ke ci mini tuwo a ƙwarya. Har yanzu akwai masu fitowa babu DOI, kuma idan marubuci ya kawo ƙorafin kuskure sai a cire tsohon fayil a ɗora sabo shiru, babu sanarwa, babu kwanan wata. Mutum biyu a sashe ɗaya za su riƙe maƙala ɗaya mai tebur iri biyu, kowa yana rantsuwa nasa ne daidai. Kwamitin editoci da ke karɓar kuɗin bugu daga marubuta ya kamata ya ware na rajistar DOI a ciki, ya kuma buɗe shafi ɗaya tak da za a riƙa jera gyare-gyare da ranakunsu.