Hoto ba ya kama rini a garin barkono

Wannan hoton garin barkono kashi biyu da ake ta turawa a WhatsApp, an zagaye jan an rubuta "guba", ya ɓata min rai. Daga hoto ɗaya an yanke wa matar da ke sayarwa hukunci, an hana ta ciniki. Haba jama'a!

Launin da kuke gani wayar ce ta zaɓa muku. Ku ɗauki garin nan a rana, ku sake ɗaukarsa ƙarƙashin ƙwan lantarki, za ku rantse kala biyu ne. Wasu wayoyin ma da kansu suke ƙara wa ja ƙarfi. Ga kuma barkonon kansa: wanda aka haɗa da busasshen tattasai ja wur yake fitowa, wanda ya daɗe a shanya ko aka niƙa da 'ya'yansa da yawa kuwa yakan koɗe. To da wanne za ku kama ɓarawo?

Na san za a ce ai akwai alama. Akwai, amma ta zargi ce kawai. In ka matso da hoton, garin gaskiya za ka ga ɗigo-ɗigon 'ya'ya masu ruwan ɗorawa da ɓarɓashin fata, launin bai zama ɗaya ba. In ya yi sumul kamar hoda, a bincika. Sai dai rariya mai laushi ma tana ba da hakan.

Ku taɓa da hannu. Barbaɗa cokali ɗaya a kofin gilashi na ruwa, kar ka motsa. In jan zare ya fara sauka nan take, akwai rinin da ke narkewa a ruwa. Abin da ya kwanta a ƙasa ka murza shi da yatsu: in ya yi gurzar yashi, garin bulo ne ko ƙasa. Ɗigon aidin in ya mai da shi shuɗi mai duhu, an cuɗa sitaci, irin garin rogo ko masara. A kurkur wannan gwajin aidin ba ya aiki, don shi da sitacinsa Allah ya halicce shi.

Abin da ke tsorata ni shi ne wanda ko ruwan ba ya tonawa. Wani rinin masana'antu da ake kira Sudan a mai yake narkewa, ba a ruwa ba, kuma saboda shi ne a 2005 Birtaniya ta janye ɗaruruwan kayan abinci bayan an riga an sayar. A Bangladesh an gano ana goga wa saiwar kurkur sinadarin dalma don ta yi sheƙi, kuma dalma ƙwaƙwalwar yara take illatawa. Waɗannan sai ɗakin gwaji, irin na NAFDAC. Hoto ba ya kama su, ba ya kuma wanke mai su.

Ni busasshen barkono nake saya in kai niƙa. Kuma don Allah masu inji, ku riƙa kakkaɓe shi bayan masara, kuna cika mana yaji da gari.