Wannan hoton hayaƙin ba Tudun Wada ba ce, ku kalli rufin mana

Wallahi tun jiya raina a ɓace yake a kan hoton nan da kuka yi ta turawa guruf guruf, wai "yanzu yanzu a Tudun Wada Kaduna". Ƙarfe goma na dare Goggo ta kira ni daga Zariya muryarta na rawa, tana cewa ɗan nan kuna lafiya, ina yara, kar ka bari kowa ya fita. Tsohuwa mai hawan jini. Duk wanda ya zauna a garin nan ya san abin da hoton hayaƙi da sunan unguwa ke yi wa zuciyar mutane, amma a haka masu ilimi, masu digiri, suka danna suka tura, ba wanda ya tsaya minti ɗaya ya kalli gidajen da ke cikin hoton. Hayaƙin kawai kuka gani. Gidajen fa? Ai su ne ke faɗa maka garin.

Ni a hannun kafinta na taso, tun ina firamare nake miƙa wa Baba ƙusa a saman rufi, don haka kallo ɗaya na yi na san wannan ba ginin Kaduna ba ne. Ku buɗe hoton, ku ja shi da yatsa biyu ya ƙara girma, ku fara da rufi. Kusan kowane gida a ciki rufinsa mai fuska huɗu ne, kwano ya gangaro gaba da baya da dama da hagu, ya yi tsini sosai a sama, bakinsa kuma ya zarce bango da nisa kamar malafa. Kuma gida ɗaya rufi ɗaya ne babba ya lulluɓe shi gaba ɗaya, ba ka ganin tsakar gida ko ɗaya daga sama. To ku faɗa min gida nawa kuka sani a Tudun Wada ko Rigasa ko Unguwar Sanusi da ba shi da tsakar gida? Mu ɗakuna muke jerawa jikin katanga a bar fili a tsakiya, wurin girki da shanya da rijiya, kowane jeri da ɗan rufinsa mai gangara ɗaya ko biyu, gangarar ma kwance kwance. Idan aka ɗauki unguwarmu daga sama ramuka ramuka za ka gani tsakanin kwanuka. Sau da yawa ma ana ɗaga bango ya wuce bakin kwano ya ɓoye shi saboda iskar farkon damina da ke yaye rufi, wanda bai samu halin haka ba ya jera duwatsu ko bulo ko tsohuwar taya a kai. Ku nemo min taya ɗaya a saman rufin hoton nan.

Wani ya ce min ai Kaduna ma akwai kwano mai tsatsa. Wa ya ce babu? Tsatsa ba ta da gari, ba a kanta nake magana ba, a kan ƙirar rufin nake magana.

Sai bango. Can gefen hagu akwai wani gida da filastarsa ta zube, ƙasar ciki ta fito. Ku duba da kyau za ku ga layuka a kwance, ɗaya bisa ɗaya, kowane kamar kamu guda. Wannan ginin ƙasa ne irin na ƙasar Yarbawa: a kwaɓa jar ƙasa a ɗora ta hawa guda ta zagaye gidan, a bar ta ta bushe, sannan a ɗora wani hawan, shi ya sa layin yake fitowa. Namu ba haka yake ba. Ginin Bahaushe na asali da tubali ake yi, curin ƙasa da ake mulmulawa da hannu, gindi faɗi kai tsini, a shanya a rana, a jera shi a tsaye ana cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. In bangon ya zaizaye kawunan tubalin za ka gani jere kamar ƙwai a kiret. Kuma bangon yakan yi kauri a gindi yana sirancewa yana hawa. A cikin garin Kaduna ma tubalin bai yi yawa ba, bulon ƙasa mai kusurwa huɗu da bulon siminti su suka fi, su kuma in filasta ta faɗi layinsu ƙanana ne a tsaye da a kwance, ba ya kama da wancan ko kaɗan.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne benen da ke tsakiyar hoton, shi kaɗai ya isa hujja. Hawa biyu, tagogi manya manya masu marfin katako sun buɗe kai tsaye a kan hanya, an yi musu ado da siminti a kewaye, ga wata 'yar taga ta leƙo daga cikin rufin kanta. Wannan salon daga Legas ya bazu, 'yan asalin ƙasar da aka yi bauta da su a Brazil suka dawo da shi a ƙarni na 19, daga baya masu kuɗin koko suka yi ta gina irinsa a Ibadan da Abeokuta da Ife da Ilesha. Mu gidanmu baya yake juya wa titi. Katanga ce doguwa, in akwai taga 'yar ƙarama ce can sama, ƙofa ɗaya, zaure, dakali a waje inda maza ke zama. Wane magidanci ne a Tudun Wada zai buɗe tagar ɗakin matarsa a kan layi mai wucewa yana leƙe? A hoton nan kaf babu zaure ɗaya, babu dakali, babu katanga.

Kuma ku duba yadda gidajen suka cakuɗe suna hawa tudu, lungu na murɗawa yadda ya ga dama. Kaduna ba tsohon birni ba ce, Turawa suka zana ta, a 1917 aka dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru, shi ya sa tsofaffin unguwanninmu layi layi suke a miƙe kamar an ja da rula, ba mu da ganuwa, ba mu da irin wannan cunkoson a kan tsauni. In ka haɗa rufi mai fuska huɗu, bango mai hawa hawa, bene mai tagar katako da tudu, tsohon gari ne a ƙasar Yarbawa, kuma ni zuciyata ta fi kwanciya da cikin garin Ibadan. Unguwar ce ba zan rantse a kai ba, sai dai a ce ɗaya daga sanannun gine-ginen Ibadan, Mapo Hall ko Cocoa House, ya fito a gefe. Amma cewa ba Kaduna ba ce, wannan ko a gaban alƙali zan maimaita.

Wai ai akwai Yarbawa a Kaduna, suna iya gina irin nasu. Haba jama'a. Gida ɗaya ko biyu, na yarda, akwai su a tsofaffin layukan cikin gari. Gida ɗari a jere har iya ganinka fa? Ba a yanke hukunci da gida ɗaya, abin da ya fi yawa ake kallo.

Kuma duk wannan ba wani ilimin boko ba ne, ruwan sama ne ke tsara rufi. Inda ruwa ya yi ƙaranci, Sakkwato, Katsina, Kano, Daura, har zuwa Zariya, soro ya wadatar: a shimfiɗa azara, wato gungumen giginya da aka tsaga wanda gara ba ta cika ci ba, a ɗora zana ko asabari, a zuba ƙasa a daɓe, a zagaye da rawani, a sa indararo ya riƙa watsa ruwa nesa da bango, a kafa zankwaye a kusurwa. Azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in faɗin ya wuce kamar ƙafa shida ba tokari, shi ya sa ɗakunan soro ke da matsi, mai son babban ɗaki sai an yi masa bakan gizo, wato tokari mai lanƙwasa kamar baka, a ɗora tulluwa, irin aikin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi a Masallacin Juma'a na Zariya. Da ka ga zanko da indararo ka san kana wannan yankin. Kana gangarowa kudu ruwa na ƙaruwa soro na ɓacewa, don ƙasa a kwance ba ta jure damina mai tsawo. Kudancin jihar nan da Filato da Binuwai jinka mai tsini ce a kan zagayayyen ɗaki, a Filato ka ƙara da duwatsu da shingen ƙerana. Can bakin teku kuwa bangon ma sanduna ake saƙawa a yaɓe da laka, ko katako a kan turaku saman ruwa. Yara ma za su iya koyon wannan a zama ɗaya.

Inda abin yake ƙarewa shi ne sabon gini, wannan na yarda. Bulon siminti, dogon kwano mai launi, rufin nan mai tsawo kamar hular sarki da kowa ke yayi yanzu, na Barnawa da na Inugu da na Lakwaja duk ɗaya ne, in hoton irin wannan unguwar ne rufi ba zai taimake ka ba, sai ka koma kan allon shago da bishiyoyi da shigar mutane. Haka soron Katsina da na Maraɗi ko Damagaram, ba ka raba su da gini kaɗai. Amma hoton jiya ba sabuwar unguwa ba ce, tsohon gari ne da ya bayyana kansa ƙarara, kallo ne kawai ba ku yi ba. Wanda ya fara liƙa masa sunan Tudun Wada shi da Allah, amma kai da ka tura ba ka duba ba, kai ma da hannunka a firgitar da Goggo.

Da na je Zariya da safen nan in kwantar mata da hankali sai na ɗaga kai na ga soron zauren gidan ya fara tsagewa ta wajen indararo, zanko ɗaya ya karye, azara biyu sun yi baƙi alamar ruwa na shiga. Yayana yana ta cewa a rushe kawai a buga kwano a huta. Zauren da kakanmu ya gina, wanda ko a tsakiyar watan Afrilu ka shiga sai ka ji sanyi kamar bakin randa. Ni ban yarda ba. Don Allah duk wanda ya san magini a Zariya ko Kano da har yanzu yake haɗa laso na gaske, wato shafen da ke hana ruwa shiga soro, da katsin marina da gashin jima da dafara, kuma ya iya yaɓen makuba, ya yi min magana ta inbos kafin ruwa ya sauka, ko nawa ne kuɗin motarsa zan biya.