Ba a tara lodin sanda wuri ɗaya

Abin na damuna, ɗalibai da yawa sun ɗauka in sanda mai kauri daban-daban tana ɗauke da lodi da yawa, sai a tara lodin duka a zuba sau ɗaya cikin PL/AE, wato lissafin miƙewa ko gajarcewar sanda: P lodi, L tsawo, A faɗin fuskar yankan sanda, E kuma taurin abin da aka yi sandar da shi. Da sauƙi kam, amma kowane sashe da ƙarfin da ke ratsa shi, sai ka yanka sashen a takarda ka lissafa lodin gefe ɗaya kawai.

Misali sandar ƙarfe mai sashe biyu, E = 200 GPa, mai kaurin kafe a bango. Siririn sashe 200 mm², tsawo 500 mm, ana jan bakinsa da 20 kN, zai miƙe 0.25 mm. A mahaɗa kuma 60 kN na turawa wajen bango, to mai kaurin (400 mm², 1000 mm) matsin 40 kN yake sha, ya gajarce 0.5 mm. Jimilla −0.25 mm, sandar gajarcewa ma ta yi duk da ana jan bakinta.