Aya ɗaya, fassara uku: Filibiyawa 1:8

"Ai fassarar kalma da kalma ce kaɗai ta gaskiya, sauran duk an sa musu hannu, ko?"

A'a. Duba Filibiyawa 1:8, inda Bulus yake faɗin yadda yake marmarin ganin masu bi na Filibi. A Helenanci ya ce yana begensu "cikin kayan cikin Almasihu Yesu", don a wurin mutanen wancan zamani daga can tausayi da ƙauna suke tasowa. Fassarar Turanci ta Sarki James ta 1611 ta bar shi haka. Kalmar ta fito daidai, amma Bahaushe zai tuno da mahauta ne. Fassarar ma'ana sai ta ce "da irin ƙaunar Almasihu Yesu", kuma abin da Bulus yake nufi ke nan.

To, ita ma tana da hasararta. Wannan kalma ta "kayan ciki" ta sake fitowa a 2:1, kuma mai bin kalma da kalma ce za ta fi nuna maka haka.

Ta uku, wadda ke sake faɗin ayar da bakin mai fassara, tana da daɗin karatu, sai dai takan cusa sharhinsa. Idan hujjarka ta rataya a kan kalmar da ke cikinta kaɗai, babu ita a sauran biyun, kada ka hau mumbari da ita. Koma ka karanta daga aya 3 zuwa 11 tukuna.