Burodin da ya rame ya fi burodin da ya yi tsada cutar da talaka

Duk wanda yake karya kumallo a teburin mai shayi a Agege, ko Mile 12, ko Idi-Araba a Legas, ya ga yadda burodi yake ramewa a hannunsa. Farashi yana nan inda yake, leda ita ce dai, tsawon ma bai canza ba, amma idan ka ɗaga sai ka ji babu nauyi, idan ka matsa sai ya lotse ya ƙi tasowa. Wannan bai dame ni ba kamar yadda wasu masu gidajen burodi suke ba da labarinsa da alfahari, wai sun ji tausayin talaka ne shi ya sa ba su ƙara kuɗi ba, sun ɗan rage girma kawai. Har ka ji masu saye suna sa musu albarka, suna zagin wanda ya fito fili ya ƙara naira ɗari da hamsin.

Dalilin tsadar ba ɓoyayye ba ne. Mafi yawan alkamar da ake niƙawa a Apapa daga waje take zuwa, da dala ake biyanta. Yaƙin Rasha da Yukiren ya tayar da farashinta a 2022. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur, a watan Yuni aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da gwamnati take sayarwa wajen naira 460 ta kai 1,500 a farkon 2024. Fulawa, sukari, bota, yis, leda, duk suka tashi. Mai gidan burodi bai jawo ko ɗaya daga ciki ba, kuma ba na ɗora masa laifinsu. Abin da nake tuhumarsa a kai shi ne hanyar da ya zaɓa bayan buhu ya tashi.

Mu yi lissafi, da alƙaluman da na zaɓa don sauƙin fahimta, kowa ya sa na gidansa a madadinsu. A ce buhun fulawa mai kilo 50 yana ba da burodi 100, kowanne giram 800. Buhun naira 50,000 ne. Sukari da bota da yis da gishiri sun ci 20,000. Sai kuɗin da ke bin kowane burodi ɗaya ɗaya, wato leda, wuta, hannun ma'aikaci da kai kaya, a ce naira 200 a kan kowanne, ya zama 20,000. An kashe 90,000 ke nan. Ana sayar da burodin naira 1,000, an samu 100,000, riba 10,000 a buhu.

Sai aka wayi gari buhu ya koma 65,000. Yanzu ana kashe 105,000 don a samu 100,000.

Wanda ya ce zai haɗiye asarar ya jira kasuwa ta sauko, ba sai na daɗe a kansa ba. Gidan da ke kwaɓa buhu goma a rana ya tashi daga ribar 100,000 ya koma asarar 50,000 kullum, kuma daga uwar kuɗi take fita. Mai babban jari zai iya jurewa na ɗan lokaci don ya kwashe kwastomomin maƙwabta. Ƙaramin gida kuwa, alamar farko ita ce ya fara karɓar fulawa bashi daga dila, ta biyu ya rage buhu daga goma zuwa bakwai, ta uku albashin yara ya fara makara.

Wanda ya ƙara kuɗi, abin da yake buƙata shi ne ya raba ƙarin 15,000 a kan burodi 100. Naira 150 ke nan, burodi ya koma 1,150. A lura da wannan: fulawa ta tashi da kashi 30 cikin ɗari, amma burodi kashi 15 kawai ya kamata ya tashi, domin fulawa rabin farashinsa ce. Saboda haka wanda ya ce maka fulawa ta tashi da kashi 30 don haka burodi ya koma 1,300, shi ma ya fake da guzuma ne ya harbi karsana.

Yanzu ga mai tausayin namu. Ya bar farashi a 1,000, yana so ya ci ribarsa ta da, 10,000 a buhu. Kwaɓin ya ci 85,000, kowane burodi kuma yana cin 200 na leda da wuta da sauransu, ko babba ne ko ƙarami. Kafin lissafinsa ya fita, sai ya yanka kwaɓin nan gida 119 maimakon 100. Burodin giram 800 ya koma wajen giram 670. Mai saye ya ba da 1,000 ya karɓi giram 670, ma'ana idan yana son giram 800 ɗin da ya saba ci, naira 1,190 zai kashe. Wanda ake zagi ya sayar masa a 1,150, wanda ake sa wa albarka ya sayar masa a 1,190. Bambancin naira 40 ɗin nan ma ba aljihun mai burodin ya shiga ba, ya tafi ne a ƙarin leda 19 da ƙarin gwangwani 19 a tanda, abin da ba ya ƙosar da kowa. To ina tausayin yake?

Kuma lissafin bai ƙare a nan ba. Mutumin da ya saba sayar da 100 yanzu sai ya nemo masu sayen 119, a kayan da ba ya wuce 'yan kwanaki a zafin Legas kafin ya fara fumfuna. Duk wanda aka dawo masa da shi daga hannun masu talla, asara ce sabuwa. Sannan gwangwanin gashi bai canza ba, don ba wanda zai sayi sababbin gwangwanaye saboda tashin buhu ɗaya. Ta yaya ƙaramin kwaɓi zai cika babban gwangwani? Sai a ƙara yis, a bar shi ya kumbura fiye da ƙa'ida. Marar tsoron Allah kuma ya koma ga sinadarin buromet, wanda hukumar NAFDAC ta daɗe da haramtawa a burodi saboda illarsa ga lafiya. Idan sukari ne ya yi tsada, a zuba sakarin. Wanda ya saba da rage nauyi a ɓoye, rage inganci ba ya yi masa wuya, domin ya riga ya koya wa kansa cewa mai saye ba zai gane ba.

Ana ganewa kuwa. Burodin da aka hura da iska yana da manyan ramuka a ciki, wuƙa tana yaga shi maimakon ta yanka, yana marmashewa, yana bushewa da wuri, kuma idan ka tsoma a shayi sai ya narke kafin ya kai baki. Burodin Agege na gaskiya an san shi da nauyi da danƙo, abin da ya sa ɗan dako a Mile 12 yake ci da safe ya kai azahar yana sauke buhunan albasa. Wannan nauyin shi ne kayan da ake saye.

Wanda ya fi shan wahalar wannan dabara shi ne mai shayi, kuma yawancinsu 'yan uwanmu ne. Shi ne yake fuskantar mai ci ido da ido. Burodin da yake yankawa gida huɗu, kowane yanki ya riƙe soyayyen ƙwai, yanzu ƙwan yana ɓallo shi. Kwastoma ya ci bai ƙoshi ba, ba zai je gidan burodi ya yi ƙorafi ba, cewa zai yi, "Malam, ka fara rage hannu." Da an ƙara masa 150 a fili, zai san yadda zai raba ta a kan yanka huɗu, ya gaya wa mutanensa gaskiya. Da aka rage a ɓoye, an bar shi da zargin da ba shi ya aikata ba.

Hujjar da masu ragewa suka fi riƙewa ita ce canji. Wai 1,000 takarda ɗaya ce, 1,150 kuwa rigimar neman hamsin ce a tasha da sassafe. Wannan hujja ta tsufa tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin da mai shayi da mai goro da mai wankin takalmi suka rataye lambar asusu a gaban teburinsu. Wasu kuma su ce talaka naira 500 ce a hannunsa, ba ruwansa da giram. Gaskiya ne akwai wanda 500 ɗin ce iyakarsa, kuma yana da haƙƙin ya samu abin da zai saya da ita. Sai a yi masa ƙaramin burodi, a ƙaramin gwangwani, a kira shi ƙarami. Kamfanonin madara da na omo sun daɗe suna sayar da kayansu a ƙananan ƙulli, ba wanda ya kira hakan ha'inci, domin ba wanda ya ɗauka gwangwani guda aka ba shi. Ha'incin yana cikin sa ƙaramin abu a rigar babba. Mu da muka haddace Suratul Muɗaffifin tun muna makarantar allo ba ma buƙatar wani ya fassara mana hukuncin tauye mudu, kuma ban ga inda aka keɓe burodi ba.

Akwai wani wuri da zan tsaya wa mai gidan burodi, ko da masu saye za su ji haushi. Idan yana da tsohuwar fulawa a sito da ya saya 50,000, kasuwa kuma ta koma 65,000, daidai ne ya sa farashi a kan sabon kuɗin. Mutane suna kiran wannan zalama, amma wanda ya sayar a tsohon farashi, kuɗin buhu goma da ya tara ba zai sayo masa takwas cikakku ba. Sharaɗin kawai shi ne ranar da buhu ya sauko, ya sauko da shi da irin saurin da ya hau. A nan ne kusan kowa yake faɗuwa. Ko a 2024 da gwamnati ta sanar da dakatar da harajin shigo da alkama da wasu kayan abinci na kwana 150, mutane sun yi ta jiran ganin sauƙi a kan tebur. Burodin da aka ƙara wa kuɗi aƙalla ana iya tsare mai shi a tambaye shi yaushe zai rage. Wanda aka rage wa nauyi, wa ya san nawa yake a da, balle ya nemi a mayar?

Gyaran ba ya buƙatar sabuwar doka. Ƙa'idar NAFDAC ta riga ta ce abincin da aka ƙulle a leda a rubuta nauyinsa, hukumar FCCPC kuma aikinta ne kare mai saye daga yaudara. Amma ba na sa ran jami'i zai bi lungunan Agege da sikeli. Masu shayi suna da ƙungiyoyi da shugabanni, kuma su ne manyan masu sari. Su ajiye ƙaramin sikeli ɗaya a kowace tasha, su auna burodi uku daga kowane tire da aka sauke, su gaya wa gidan burodi cewa daga yau a kan giram za a yi ciniki. Gidan da ya ƙi, akwai wani a layin baya.