Ranar da na daka ma Inna maganin tansiyo

Wallahi ni taimako na yi niyya. Inna kakarmu da ke zaune wajenmu nan Tahoua ba ta iya haɗiye ƙwaya, ko farasitamol ka ba ta sai ta yi ta tsotsa kamar alawa har ya narke tana zagin wanda ya ƙera shi. To da lokotoro ya rubuta mata maganin tansiyo, nifedifin miligiram 20, ɗaya safe ɗaya dare, sai na ce ni Allah ya ba basira, na ɗauko ɗan turmin yaji na daka shi lukui na zuba cikin kunu, ta shanye har da sa mani albarka.

Ba a yi minti 30 ba ta ce ɗaki na juyawa, fuskarta ta ɗau zafi, kai na sara, zuciya na bugu kamar kalangu, ta miƙe za ta tahi bayan gida sai ga ta zaune daɓas bisa tabarma tana salati tana cewa an yi mata jifa. Mai jifar kuwa ina tsaye riƙe da ludayi.

Muka kwashe ta sai likita. Tansiyon da ya saba zama 16 ya sauka 9. Lokotoro ya karɓi kwalin ya nuna mani haruffa biyu, LP, ya ce "malam, wannan ado ka ɗauke shi?" Ashe irin wagga ƙwaya an yi ta ne ta riƙa sakin magani kaɗan-kaɗan cikin kamar awa 12, in ka daka ta ko ka tauna duk na yinin ya shiga jini lokaci guda, tansiyo ya faɗi, can da yamma kuma babu saura sai ya sake hawa. Ya ce duk kwalin da ke da LP ko LM a haɗiye da ruwa yadda yake, rabawa ma sai wadda ke da tsaga a tsakiya, ita ma a tambayi mai farmasi tukuna.

Da na ga asiri ya riga ya tonu sai na ce to ranka ya daɗe har kafso ɗin gyambon cikinta, omefirazol, buɗewa nake ina murje ƴan tsabar da bayan cokali. Ya dafe kai. Ya ce tsabar nan kowace da rigarta, don kada ruwan tsamin ciki ya kashe maganin kafin ya kai hanji, wannan kam ana iya buɗewa a zuba cikin ɗan yawur a haɗiye ba tauna, amma murjewa wata biyu kenan ina zubar da kuɗina. Wasu kafso ma ko buɗewar ba a yi.

Ya canza mata maganin tansiyon da wani da ya ce ana iya narka shi a ruwa. Inna ta warware, sai dai yanzu in na kawo mata kunu tura mani kwanon take, ta ce "ɗan nan, fara kurɓa in gani."